Yayata ta kawo mini harkar da ke ninka kuɗi a kwana 40

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, ina zaune a Aboabo, ina sayar da atamfa. Mako mai zuwa zan kwashi susu, wato adashi, sidi 15,000, wanda na yi niyyar saro kayan Sallah da shi. To Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta haɗa ni da wani kamfani da ke harkar zinariya, sun ce duk abin da ka sa za su ninka maka a kwana 40. Na gwada da 1,000, kuma wallahi ranar da suka faɗa 2,000 ta shigo mini ta Momo, asusun kuɗina na waya. Ita Yaya ta sa 20,000, ta nuna mini a wayarta ya zama 40,000, ta bar shi ya sake juyawa. Suna da ofis, suna da satifiket a bango, kuma a wajen walima aka gabatar da shugabansu, aka ce halal ne tunda ciniki ne ba kuɗin ruwa ba. Duk wanda ya kawo mutum ana ba shi kashi 10. An ce ranar Juma'a za a rufe karɓar sababbi. Maigidana ya ce bai yarda ba, Yaya kuma ta ce in ban sa ba to ban yarda da ita ba ke nan. Akwai mata uku a layinmu da ke jiran su ga abin da zan yi. Har na fara tunanin in sa a ɓoye, in ya fito in nuna masa. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Aboabo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba zan ja miki rai ba: kada ki sa kuɗin nan, a ɓoye ko a sarari. Amma na san "kada" kaɗai ba ta isa ba, don maigidanki ma ya riga ya faɗa miki ita, kuma ga shi ba ta kwantar miki da hankali ba. Abin da kike buƙata shi ne ki gane dalilin da kanki, yadda ko gobe wani ya zo da sabon suna da sabuwar riga za ki gane shi tun daga bakin ƙofa. Kuma ban ga wauta a tattare da ke ba. Kin gwada da kaɗan kafin ki sa da yawa, kin tsaya kin yi tambaya. Hankalin 'yar kasuwa ke nan. Matsalar ita ce masu wannan harka sun san irin wannan hankalin, kuma a kansa suka ɗana tarkonsu.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne sana'arki. Shekara tana da kwana 365, wato kwana 40 sau tara da 'yan kai. Ɗauki kalkuletar wayarki, ki rubuta 15,000, ki ninka sau biyu, ki sake, har sau tara. Za ki ga 7,680,000. Sidi miliyan bakwai da dubu ɗari shida da tamanin, a shekara guda, daga kwasar susu ɗaya. Yanzu ki tambayi kanki: mutumin da ya san hanyar da kuɗi ke haihuwa haka, me ya kawo shi wajen walima yana neman dubu ɗaya ɗaya a hannun mata? Da nasa jarin kawai zai yi shiru ya juya, cikin shekara biyu ya sayi kasuwar Kejetia da abin da ke cikinta.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ni ya fi kama mini hankali. A ce da gaske yana da ciniki mai albarka, jari kawai ya rasa. To banki yana nan. Ko da bankin ya tsawwala masa, ya ce kashi 36 cikin ɗari a shekara, abin da zai biya a kan 15,000 na kwana 40 bai wuce sidi 600 ba. Ke kuma ya yi miki alkawarin 15,000 a kan kuɗi ɗaya, kwanaki ɗaya, ban da 1,500 da zai ba Yaya ladan kawo ki. Wane ɗan kasuwa ne zai bar bashin da zai ci masa 600 ya ɗauki wanda zai ci masa 16,500? Ke da kike jayayya da dila a kan sidi biyar a turmi kin san amsar. Ba ya zuwa banki ne saboda banki zai ce a kawo littafin ciniki, a nuna kaya, a nuna mai saye. Ku kuwa ba ku tambaya, tunda ta hannun 'yar'uwa abin ya zo.

Zinariyar ma da suke fakewa da ita, farashinta ba ɓoyayye ba ne, duniya duka ana ganinsa kowace rana. A 2025 ta yi tashin da aka shafe shekaru da yawa ba a ga irinsa ba, amma ko a wannan shekarar, daga Janairu zuwa Disamba, ba ta ninka ba. Wanda ke saye a hannun masu haƙa ya sayar gaba, ribarsa 'yar tazara ce tsakanin farashi biyu, kamar taki. Babu inda kashi ɗari zai fito a kwana 40.

To daga ina 2,000 ɗinki ta fito? Na san nan ne zuciyarki ta tsaya, don gani ya kori ji, kuma ke kin gani. Kuɗin gaske ne, ba na musu. Amma ba zinariya ta haife shi ba. Daga aljihun wadda ta shiga bayanki aka ciro shi, ko ma daga cikin 20,000 ɗin Yaya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sun kashe 1,000 a kanki, suna jiran 15,000, da kuma abin da matan nan uku za su kawo in sun ga kin shiga. Ko a talla aka kashe wannan kuɗi, ai ya yi araha. Shi ya sa gwaji da ɗan kaɗan, wanda yake dabara ce mai kyau in za ki fara hulɗa da sabon dila, a nan ba ya tabbatar da komai. Ƙaramin kuɗi kullum ana biyansa, kuma a kan lokaci, har da saƙon taya murna.

Bari in nuna miki yadda injin yake juyawa. A ce mutum 20 suka fara, kowa da 5,000. An tara 100,000, bayan kwana 40 ana bin mai kamfani 200,000. Tunda babu cinikin da ke kawo komai, dole ya samo mutum 40 su kawo 5,000 kowannensu. Zagaye na gaba 80, sai 160, sai 320. Kafin a kai zagaye na goma yana buƙatar sababbin mutane fiye da 10,000 a cikin kwana 40, kuma ban lissafa ladan masu kawo mutane ba, da hayar ofis, da motar da yake hawa don ku ga alamar arziki. Zangon Kumasi duka mutum nawa ne ke da 5,000 a ajiye? Dole a kai ranar da masu shigowa ba su kai masu jiran biya ba. Ba sai mai kamfanin ya kasance mugu fiye da kima ba, ko da ya so ya biya kowa lissafin ba zai bar shi ba.

Abin da ke tsawaita ran irin wannan harka shi ne abin da Yaya ta yi: barin kuɗi ya sake juyawa. Kuma a nan nake so ki buɗe ido sosai. Abin da ta nuna miki a waya ba kuɗi ba ne, lamba ce. Wani yaro ne a gaban kwamfuta ya rubuta 40,000, kuma da ya ga dama da ya rubuta 400,000, ba abin da zai ci masa. Kuɗi shi ne wanda ya shigo Momo ɗinki, kika je wajen mai Momo ya ƙirga miki a hannu. In kika auna da wannan ma'auni, Yaya ba ta ci riba ba tukuna. Ta fitar da 20,000, kuma abin da ya dawo mata sai ɗan ladan kawo mutane. Muddin yawancin mutane suna kallon lamba suna jin daɗi, mai kamfani ba ya biyan kowa sai 'yan ƙalilan. Ranar wanka kuwa ita ce ranar da kowa ya buƙaci kuɗinsa lokaci guda: gab da Sallah, lokacin biyan kuɗin Hajji, ko komawar yara makaranta. MMM a Najeriya, mai alkawarin kashi 30 a wata, a Disambar 2016 ta daskarar da asusun mutane, daidai lokacin da ake shirin bukukuwan ƙarshen shekara. Ke kuma ana kiranki ki shiga ana saura 'yan makonni Sallah. Wa'adin Juma'ar nan ma shi ne ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Mai karɓar kuɗi ba ya rufe ƙofa don kuɗi sun yi masa yawa. Ana sa wa'adi ne don kada ki sami sararin yin irin tambayar da kika yi mini, kuma sau da yawa alama ce cewa akwai manyan biya da suka taso, ana neman abin cike rami.

Mu a ƙasar nan ai ba baƙon abu ba ne. Manya suna tuna kamfanonin Pyram da R5 a shekarun 1990. DKM ta Sunyani ta yi alkawarin riba mai kauri cikin 'yan watanni, Babban Bankin Ghana ya dakatar da ita a 2015, aka soke lasisinta a 2016, mutane da yawa a yankin Bono suka shiga halin da ba a fata. Sai Menzgold, wadda ita ma da sunan zinariya ta zo, tana biyan kashi 7 zuwa 10 a wata, ga manyan ofisoshi, ga fitattun mutane a allunan talla. A Satumbar 2018 hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta umarce ta ta dakatar da wannan harka saboda ba ta da lasisin yinta, kuma shekaru bayan haka masu kuɗi suna ta zanga-zanga da zaryar kotu. Ki lura, kashi 10 a wata ne wancan. Naku kamfanin kashi ɗari yake faɗa a kwana 40. Shi kansa Charles Ponzi, wanda ake kiran irin wannan damfara da sunansa, a Boston a 1920 kwana 90 ya ɗiba kafin ya ninka. Naku sun fi ubangidan nasu sauri.

Ni ma ba daga littafi na koya ba. Shekarun baya na kai kuɗin da na tara na gyaran ɗaki wani ofis a garin nan, saboda wata aminiyata ta karɓi nata sau biyu a gabana. Har yau ina tuna sanyin na'urar ofishin, da yarinyar da ta miƙo mini ruwan roba tana ce mini "Hajiya" alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Ranar da na koma karɓa na tarar da kwaɗo a ƙofa, mutane zaune a bakin kwalbati kowa da ɗan littafinsa mai hatimi a hannu. Wani dattijo yana ta buɗe nasa yana rufewa, yana nuna wa duk wanda ya zo shafin da aka rubuta masa jimillar kuɗi, kamar in mutane da yawa suka gani za ta zama gaskiya. Kuɗin ya tafi, amma abin da ya fi ciwo shi ne shekara biyu da muka yi da aminiyata ba ma gaisuwa sai ta dole. Wannan nake guje muku ke da Yaya.

Yanzu ga yadda ake bincike, kuma rabin yini ya ishe ki. Je ki ofishin nasu, ba da kuɗi ba, da waya kawai, ki ɗauki hoton takardar da ke bango. In an hana ki ɗauka, kin riga kin sami amsa. In an bari, karanta abin da ke samanta, ko ki ba yaro mai karatu ya karanta miki. Kusan kullum za ki ga an rubuta Certificate of Incorporation, wato takardar rajistar kamfani daga ofishin magatakardar kamfanoni. Wannan takarda kamar takardar haihuwa ce: tana cewa an haifi kamfani mai suna kaza a rana kaza, shi ke nan. Mai gidan burodi yana da ita, mai sayar da taya yana da ita. Ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a ba, kamar yadda takardar haihuwa ba ta zama lasisin tuƙi.

Izinin karɓar kuɗin mutane wuri biyu yake fitowa. Wanda zai karɓi ajiya, banki ne ko ƙaramin bankin karkara ko kamfanin ba da ƙananan rance, lasisinsa daga Babban Bankin Ghana yake. Wanda kuma zai karɓi kuɗinki ya juya miki da sunan zuba jari, lasisinsa daga SEC yake, bisa dokar 2016. Dukansu biyu suna wallafa sunayen waɗanda suka ba lasisi a shafukansu, `bog.gov.gh` da `sec.gov.gh`, kuma suna fitar da sanarwar gargaɗi da sunayen waɗanda ke aiki ba izini. Ki rubuta adireshin da hannunki, kada ki bi mahaɗin da aka turo miki a WhatsApp. Nemi sunan kamfanin harafi da harafi, don wasu suna aron sunan kamfani mai lasisi su canza kalma ɗaya. In kin ga sunan, ɗauki lambar wayar da ke shafin hukumar, ba wadda ke jikin takardar tallarsu ba, ki kira ki tambaya ko suna da reshe a unguwa kaza, ko kuma suna da tsarin ninka kuɗi a kwana 40.

Za su iya fito miki da wata takarda su ce ga lasisinmu na zinariya. Tun 2025 hukumar GoldBod ce ke ba da lasisin saye da sayar da zinariyar ƙananan masu haƙa. Ko da takardar ta gaske ce, izinin sayen zinariya ne, ba izinin tara kuɗin mata a yi musu alkawarin riba ba. A wannan gaɓar ce mutane da yawa suka ruɗe a zamanin Menzgold: an ga takarda, ba a tambayi ta mece ce ba.

Akwai kuma binciken da ke hannunki tun yanzu. Buɗe saƙonnin Momo, ki duba sunan da ya fito ranar da kika tura 1,000, da sunan da ya turo miki 2,000. Sunan kamfanin ne, ko sunan wani mutum? Suna ɗaya ne a duka biyun? In kika tura wa wani, wata daban ta biya ki, kuma Yaya ta tura wa na uku, to ba kamfani kike hulɗa da shi ba, layukan waya ne da za a iya jefarwa a kwata cikin dare ɗaya. Kamfanin gaske asusunsa da sunansa yake, yana karɓar Ghana Card ɗinki, yana ba ki yarjejeniya a rubuce wadda za ki tafi da ita gida ki karanta, kuma a cikinta akwai inda aka ce za a iya yin asara.

Sai dai kada in bar ki da rabin magana. Lasisi ma ba garanti ba ne. DKM tana da lasisi. A 2019 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin ƙananan rance 347, SEC kuma ta soke na kamfanonin juya jari 53, kuma mutane sun sha wahala kafin su ga kuɗinsu. Don haka rashin lasisi ya isa ki gudu, amma samunsa bai isa ki shiga ba. Ko da mai lasisi ne ya ce zai ninka miki a kwana 40, lissafin da muka yi a sama yana nan daram. Ga ma'auni mai sauƙi: a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 kuma gwamnati tana neman kuɗi ido rufe, takardun bashinta na kwana 91 wajen kashi 35 suke biya, a shekara fa, ba a wata ba. Duk wanda ya zarce wannan nesa ba kusa ba, kuma ya ce tabbas ne, sai ya yi bayanin abin da ya sani wanda duk bankunan unguwar Adum ba su sani ba.

Maganar halal kuma, ni ba malama ba ce, amma abin da muka koya a makarantar allo da zaure ya isa a nan. Haɗa jari da mai aiki, wanda malamanmu ke kira ƙiradi, sharaɗinsa shi ne a raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi, in kuma aka yi asara ba da sakaci ba mai dukiya ya ɗauka. Da zarar an ce uwar kuɗinki tabbas, ribarki kuma adadi kaza rana kaza ko an samu ko ba a samu ba, an fita daga ƙiradi. Kai wa limaminku maganar da waɗannan kalmomi daidai, ki ji. Wanda ya gabatar da shugaban a walima mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi, wataƙila ma nasa kuɗin na ciki. Masu wannan harka da gangan suke bi ta masallaci da coci da ƙungiyar mata, don sun san a Zango kunya ba ta barin mutum ya ce wa babba "nuna mini takarda". Ki kuma tambayi liman game da 1,000 da aka ƙara miki. Ni dai shawarata ki ware ta gefe kada ki taɓa, don akwai mai ita, kuma ba mamaki 'yar ɗakinku ce.

Mu zo kan Yaya, don ita ce ke cikin ruwa, ba ke ba. Ban ɗauka tana son cutar ki ba. Ta yarda da abin har ta sa 20,000 nata, kuma a ganinta alheri take jawo ki. Amma ki fahimci abin da ke bayan wannan magana ta "ba ki yarda da ni ba". Duk wanda ya sa kuɗi mai yawa a wuri, shakkar wani tana taɓa tsoron da shi ma yake dannewa. Ƙin ki yana nufin wataƙila ta yi kuskure, kuma wannan da nauyi. Don haka kada ki je mata da kalmar damfara, kada ki yi maganar a gaban kishiya ko yara ko a rukunin WhatsApp na dangi. Je ki ɗakinta bayan isha'i, ki ce mata: "Yaya, ke na yarda da ke, da raina ma. Mutanen ne ban sani ba. Kuɗin susun nan na kayan Sallah ne, ba zan iya taɓa shi ba. Amma ina roƙonki abu ɗaya, ki cire kuɗinki duka ki riƙe a hannu, in ya fito lafiya sai mu sake zama."

Duka fa, ba 2,000 ko 5,000 ba, don ƙarami za su biya da murmushi. In ba za su ba da 40,000 ba, ta nemi uwar kuɗinta 20,000 a yau. Sannan ku saurari amsar. In aka ce ana gyaran na'ura, ko banki ya riƙe kuɗi, ko shugaba ya yi tafiya Dubai, ko a ƙara mata kashi 20 in ta haƙura wata guda, duk ma'anarsu ɗaya. Mafi muni shi ne a ce sai ta biya wani kuɗin haraji ko na buɗe asusu kafin a sake mata. Ko sidi ɗaya kada ta ƙara. Wannan ita ce tatsar ƙarshe kafin a kashe waya. In kuma Allah ya sa aka biya ta, alhamdu lillahi, amma ba shaidar gaskiyarsu ba ce, ta dai riga wasu fita ne, kada ta mayar.

Ta kuma daina kawo mutane daga yau. Ranar da abin ya rushe, shugaban ba a Aboabo yake kwana ba. Ƙofar Yaya za a buga, ita za a kai gaban sarkin Zango ko ofishin 'yan sanda, don a hannunta aka san harkar, kuma ta karɓi lada. Ta adana komai tun kafin a goge rukunin WhatsApp na kamfanin: hoton saƙonnin Momo da lambobin cinikin, rasit, saƙonnin murya, lambobin waya, hoton ofis da na satifiket. Da waɗannan ake kai ƙara SEC, ko EOCO mai binciken laifukan kuɗi, ko sashen binciken 'yan sanda, kuma tunda ta waya ake harkar, ana iya kiran 292, layin hukumar tsaron intanet. Ba zan yi miki alkawarin kuɗi zai dawo ba, sau da yawa ba ya dawowa. Amma ƙarar da aka kai da wuri ita ce ke iya sa a riƙe asusu kafin a kwashe, kuma tana nuna cewa Yaya ba da su aka haɗa baki ba.

Maigida kuma, kuɗinki naki ne, shari'a ma ta ba ki, ba na jayayya da wannan. Amma ki auna ɓoyewar. In kuɗin ya nutse, asara biyu ce: jari ya tafi, ga kuma ranar da za ki zauna ki yi bayanin dalilin da ya sa shago ya zama fayau ana gobe Sallah. A wannan karon gaskiya tana wajensa, ko da bai iya faɗin dalili ba. Gaya masa kin fasa, ki nuna masa lissafin, amma ki roƙe shi kada ya mayar da abin gori a kan Yaya. Tana buƙatar hanyar dawowa ba tare da an kunyata ta ba. Matan layinku uku kuwa jimla ɗaya ta ishe su: "Na duba, ban ga lasisinsu ba, ni ban sa ba." Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki ambaci sunan Yaya.

Saura 15,000. Kin riga kin san inda ya kamata ta je. A ce kina saro turmi a 300 ki sayar 345: turmi 50 ke nan, ribar 2,250 in kaya sun ƙare, kuma a kakar Sallah mai yiwuwa ki juya fiye da sau ɗaya. Kusa da alkawarin 15,000 zai yi miki kama da ƙarami, na sani. Amma kayan suna shagonki, kina taɓa su, in ba a saya yau ba suna nan gobe. In akwai rarar da ba ki buƙata yanzu, bankinki zai iya saya miki takardun bashin gwamnati na kwana 91 ko 182 ko 364, sai dai kuɗin ruwa ne, ki san matsayinki a kai tukuna. In zinariyar ce ta shiga ranki, Babban Banki ya fito da tsabar zinariya tasa a 2024, ana saye ta bankuna, mafi ƙanƙanta rubu'in oza, farashinta yana hawa yana sauka kuma ba wanda zai ce miki za ta ninka. Ko kuma ki yi ƙiradi na gaske da wata da kika san shagonta da kayanta, ku rubuta kason riba a takarda da shaidu biyu.

Ranar da za ki kwashi susun, kada kuɗin ya kwana a ɗaki ko a Momo, inda kira ɗaya daga Yaya da daddare zai iya karya miki zuciya. Ki yi magana da dilanki tun yau, ki karɓa da safe ki biya kaya kafin azahar. Sannan ki rubuto mini abin da aka ce wa Yaya da ta nemi 20,000 ɗinta, da kalmomin da suka yi amfani da su, don mu san mataki na gaba.